Yadda PS5 za ta shiga waifai na otal mai neman lambar ɗaki a burauza

*Assalamu alaikum. An turo ni kwas na mako biyu, na taho da PS5 ɗina. Wayata tana shiga waifai na otal ɗin lafiya lau, shafi ya buɗe in sa lambar ɗaki da sunana. Ita kuwa PS5 tana kama netwok ɗin, sai ta ce babu intanet, kuma ban ga inda zan sa lambar ba. Ƙanena ma haka yake fama a hostal ɗinsu, inda ake sayen tikitin waifai. Ina mafita?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na'urarka lafiyarta ƙalau, kada ka taɓa komai a saitinta tukuna. Fara da wannan gwajin: shiga Settings > Network > Connection Status > Test Internet Connection, ka lura da layin da ya faɗi. Idan layin karɓar adireshin IP ya yi nasara, na intanet ne ya gaza, to an bar ka ka shigo harabar netwok ɗin, ƙofar fita waje ce a rufe. Idan kuwa tun a karɓar IP abin ya tsaya, matsalar daban ce: ko siginar ta yi rauni a inda talabijin yake, ko adiresoshin da rauta ɗin otal ke rabawa sun ƙare saboda yawan baƙi. Buɗe shafi ba zai warware wannan ba, sai ka matsa kusa ko ka yi wa masu otal magana. Bayanin da ka yi na nuna irin na farkon ne.

Abin da ke faruwa shi ne, shafin nan da kake cikewa a waya ba kai yake ganewa ba, na'urar da ka cike shi da ita yake ganewa. Kowane katin waifai yana da lambarsa mai gurbi 12, haruffa da alƙaluma a gauraye, wadda ake kira adireshin MAC. Da ka sa lambar ɗaki ka danna, rauta ɗin otal zai rubuta lambar MAC ta wayarka a jerin waɗanda aka yarje wa wucewa, na wani ƙayyadadden lokaci. Kamar maigadin da aka ba jerin lambobin motoci ne: lambar yake dubawa, ba ruwansa da wanda ke tuƙi. Ka yi wa waya rajista, PS5 ta zo da wata lambar da ba ta cikin jerin, aka tsayar da ita. Saboda haka duk dabarar da za ka ji an faɗa, ɗayan biyu take yi. Ko dai a cike shafin da lambar na'urar wasan kanta, ko kuma na'urar ta bi bayan wata lamba da aka riga aka yarje wa. In ka riƙe wannan, ko a wane otal ka sauka za ka iya gane inda abin ya cije.

PS5 ba ta da burauzar da za ka buɗe daga babban allo kamar yadda PS4 ke da ita, amma an tanadi hanya don irin wannan netwok, sai dai a ɓoye take. Koma Settings > Network > Settings > Set Up Internet Connection. Za ka ga sunan waifai na otal a jerin waɗanda ka riga ka yi rajista. Danna shi, a cikin zaɓuɓɓukan da za su fito akwai How to Authenticate. Zaɓi haɗa waya da PS5. Na'urar za ta buɗe nata ƙaramin waifai, sunansa yana farawa da `PS5-` da 'yan alƙaluma a bayansa, kalmar sirrinsa kuma tana nan a kan allon talabijin. Ka cire wayarka daga waifai na otal ka haɗa ta da wannan. Yanzu duk abin da wayar ta nema ta cikin PS5 zai bi, don haka idan shafin otal ya buɗe ka sa lambar ɗaki da suna, lambar MAC ta PS5 ce za ta shiga jerin. Waya aron allo da madannai kawai ta bayar.

A nan ne mutane da yawa ke maƙalewa, don wayar ta haɗu amma shafin ya ƙi fitowa. Kafin ka haɗa, kashe datar layinka gaba ɗaya. Waya tana da wayo: da ta ga waifai ɗin da ta kama ba shi da intanet, sai ta koma kan data a shiru, kai kana ganin shafuka suna buɗewa kana zaton an gama, alhali PS5 ba ta samu komai ba. Idan ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a netwok marar intanet, ka amsa mata e. Kashe VPN in kana da shi. A Android kuma duba Private DNS, ka mai da shi Off na ɗan lokaci. Sannan ka buɗe burauza ka rubuta wannan da hannunka:

```
http://neverssl.com
```

Dalilin zaɓen wannan adireshi yana da muhimmanci. Rauta ɗin otal yana fito da shafinsa ne ta hanyar tare buƙatarka ya juya ka zuwa nasa. Wannan juyawar tana tafiya sumul a shafin da ke farawa da `http`, wanda ba a kulle saƙonsa ba. Shafin `https` kuwa burauza tana neman takardar shaidar mai shi, rauta ɗin otal ba shi da ita, sai burauzar ta ƙi, ta nuna maka gargaɗi ko farin allo. Yawancin shafukan da muka saba buɗewa yau duk `https` ne, shi ya sa gwada Google ko Facebook ba ya fito da komai. Shi wancan adireshin an yi shi ne musamman don ya zauna a `http`. Idan ka cike shafin ya ce an yarda, koma ka sake Test Internet Connection. Layin intanet ya yi nasara, na shiga PlayStation Network ma haka, to ka gama.

Idan wannan ta ƙi, akwai wata ƙofar a cikin na'urar. Littafin jagorar PS5, wato User's Guide da ke saman jerin Settings, shafin intanet ne, kuma burauzar ɓoye ce ke buɗe shi. A netwok da yawa, da ka buɗe shi sai a juya ka zuwa shafin otal, ka cike da hannun wasa. Ba kullum yake ci ba, musamman shafukan da aka cika wa hotuna da tallace-tallace, amma gwada shi bai fi minti ɗaya ba.

Abu ɗaya da nake fara tambayar duk mai wasa: ka taɓa canza DNS, wato sabar da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, da hannu? 'Yan gem da yawa sun sa `8.8.8.8` ko `1.1.1.1` don an ce musu yana ƙara sauri. Idan ka saita haka a netwok ɗin otal, ka mai da DNS Settings zuwa Automatic. Wasu otal-otal ta DNS ɗinsu suke juya baƙo zuwa shafin shiga, wasu kuma suna toshe DNS na waje har sai an yi rajista. Na'urar da ta dage sai ta tambayi wani a waje ba za ta taɓa ganin shafin ba. Haka nan ka duba agogon na'urar. Kwanan wata da ya kauce sosai yana sa a ƙi takardun shaidar shafuka, har da na shafin shiga.

To a ce ka shiga daren farko, ka buga wasanka. Washegari ka dawo daga kwas, ka kunna, ta sake cewa babu intanet. Ba abin da ya lalace. Izinin da aka ba lambarka yana da wa'adi, a wurare da yawa awa 24 ne, wasu kuma suna cire na'urar da ta yi shiru na wani lokaci. PS5 da aka kashe da safe shiru take yi, sai a goge ta daga jerin. Mai kwana ɗaya ko biyu ya sake bin matakan, ba wani abu ba ne. Amma kai da za ka yi mako biyu, shawarata ka nemi a sa lambar a jerin dindindin. Je Settings > System > System Software > Console Information, za ka ga lambobin MAC biyu, ɗaya ta waifai ɗaya ta kebul ɗin LAN. Kwafi ta waifai a takarda, gurbi-gurbi, ka sake dubawa, don 8 da B suna kama da juna a allon talabijin. Ma'aikacin da ke teburin karɓar baƙi sau da yawa ba shi da ikon taɓa rauta, don haka kada ka tsaya yi masa dogon bayani. Ce masa: "Don Allah haɗa ni da mai kula da netwok ɗinku. Ina da na'urar da ba ta iya buɗe shafin shiga, ina so a sa lambar MAC ɗinta a jerin masu wucewa zuwa ranar da zan tashi." Mai kula da netwok zai gane nan take, domin haka ake yi wa talabijin da firinta na otal ɗin. Wannan ita ce hanyar da na fi so, don babu ɓoye-ɓoye a cikinta, kuma ba ta dogara da wata na'ura ta uku ba.

Idan ɗakin yana da soket na LAN a bango, gwada shi ma, don kebul ya fi waifai tsayuwa nesa ba kusa ba. Sai dai ka tuna lambar MAC ta kebul daban ce, rajistar waifai ba za ta yi mata aiki ba, kuma wasu soket ɗin ba a haɗe suke da komai ba.

Wani lokaci mai kula da netwok ba ya nan, ko kamfani ne na waje da ba a samunsa. Sai a koma hanya ta biyu, wato PS5 ta bi bayan na'urar da aka riga aka yarje wa. Tunda kwas ka zo, ina zaton kana da laftof. In Windows 10 ko 11 ce, haɗa ta da waifai na otal, ka cike shafin, sannan ka je Settings > Network & internet > Mobile hotspot, ka zaɓi raba intanet daga Wi-Fi, ka kunna. Laftof ɗin za ta buɗe nata waifai mai ɗaukar na'urori har 8. Haɗa PS5 da shi kamar waifai na gida, da kalmar sirri kawai. Otal ba ya ganin kowa sai laftof. Za ka tabbatar abin ya zauna idan adireshin IP na PS5 ya fara da `192.168.137`. Ka bar laftof ɗin a caji, ka hana ta barci, ka kuma kashe Power saving da ke wannan shafin, don shi ne ke kashe rabawar idan ya ga ba wanda ya haɗu na ɗan lokaci. Illarta ita ce kati ɗaya ne ke karɓa yake kuma bayarwa, saboda haka sauri yana raguwa, jinkiri yana ƙaruwa. Idan kana da kebul, raba intanet ɗin daga waifai zuwa soket ɗin LAN na laftof ya fi. Mai MacBook ma ta kebul kaɗai zai iya, don ba ta karɓar waifai ta sake raba shi ta waifai da katinta guda. Ita iPhone datar layi kawai take rabawa. Wasu wayoyin Android suna iya raba waifai ɗin da suke kai, wasu kuma da ka kunna rabawa sai su saki waifai su koma cin datarka, don haka ka duba alamar da ke saman allo kafin ka fara sauke wani abu.

Wanda tafiya ta zame masa jiki, ƙaramin rauta na tafiya shi ne maganin abin, irin na GL.iNet ko TP-Link TL-WR902AC, wanda cajar waya ko fawabank ke kunnawa. Rauta ɗin ne ke haɗuwa da waifai na otal, kai kuma wayarka da PS5 kuna haɗuwa da shi. Ka buɗe shafin shiga sau ɗaya daga waya, lambar rauta ta shiga jeri, duk abin da ke bayansa ya wuce. PS5 ba ta ma san an canza gari ba, don sunan waifai ɗaya take gani kullum. A GL.iNet shafin saiti yana `192.168.8.1`, sashen da kake nema Repeater ne. Idan shafin otal ya ƙi fitowa ta bayansa, kusan kullum ɗayan uku ne: VPN a kunne a rauta, ko an sa DNS na musamman, ko kariyar DNS Rebinding tana jefar da amsar da ke nuna adireshin cikin gida na shafin. Kashe su, yi rajista, sannan ka mayar.

Za ka ji wasu suna cewa ka ara wa laftof lambar MAC ta PS5, ka yi rajista da ita, sannan ka mayar da lambar. Dabarar daidai take, kuma tunda na'urorin naka ne ba cutar da kowa ka yi ba, amma a Windows tana yawan ƙi. Katunan waifai da yawa ba sa karɓar lambar aro sai wadda gurbinta na biyu 2, 6, A ko E ne, lambar da masana'anta ta ba PS5 kuwa ba irin wannan ba ce. Mai Linux zai iya cikin sauƙi. Ga mai Windows ban ga amfanin ɓata dare a kanta ba.

Yanzu batun ƙanenka. Hostal da shagunan da ke sayar da tikitin waifai a wajenmu da yawa rauta na MikroTik suke amfani da shi, kuma tikitin yawanci na'ura ɗaya aka yarje masa a lokaci guda. Idan ya riga ya shiga da tikitin a waya, ya zo sa shi don na'urar wasa, shafin zai ce ba a yarda da ƙarin shiga ba. Sai ya fara fita daga waya. Ya buɗe adireshin shafin shiga ya ƙara `/status` a ƙarshe, zai ga maɓallin fita. In bai samu ba, ya kashe waifai na wayar ya jira 'yan mintuna. A saitin asali MikroTik yana sakin na'urar da ta daina amsawa bayan minti 2, ko da yake mai netwok yana iya canza wannan. Wasu kuma suna ɗaure tikiti da lambar MAC ta farko da ta yi amfani da shi. In haka ne, ba jiran da zai yi, sai sabon tikiti na na'urar wasan, kuma ya tabbatar ta cikin na'urar aka fara sa shi. Ga mai kula da netwok ɗin, barin na'ura ta wuce ba tare da shafi ba layi ɗaya ne, a sa lambar gaskiya a madadin wannan:

```
/ip hotspot ip-binding add mac-address=AA:BB:CC:DD:EE:FF type=bypassed
```

Amma ina so ƙanenka ya fahimci cewa a hostal wannan ciniki ne. Na'urar da aka yi wa haka ba ta ƙone tikiti, saboda haka sai sun daidaita kuɗin wata da mai wurin. Kuma idan ya gwada raba tikiti ta laftof ko rauta ya ga laftof tana da intanet amma abin da ke bayanta ba shi da shi, to da gangan aka toshe rabawa. Mai netwok ya faɗi dokarsa ke nan, kuma kuɗinsa ya sa a data da man janareta. Ya je su yi magana, kada ya nemi zagaye.

Ba ka faɗi irin na'urar ƙanen naka ba. In PS4 ce, Internet Browser yana cikin Library, ya buɗe ya rubuta adireshin `http` ɗin nan. Nintendo Switch da kanta take cewa netwok ɗin yana buƙatar rajista, ta buɗe shafin. Xbox ma tana nuna buƙatar ƙarin tantancewa ta buɗe burauzarta Edge, kuma tana da wani abin da sauran ba su da shi: a Settings > General > Network settings > Advanced settings akwai Alternate MAC address. Zai yi rajista da waya, ya sa lambar wayar a can, ya sake kunna Xbox, ya kashe waifai na wayar, don na'urori biyu masu lamba ɗaya suna katse juna. Tarkon da ke nan shi ne, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar lambar MAC daban ga kowane netwok. Lambar da ke shafin bayanin waya ba ita rauta ya gani ba. Ya shiga bayanan shi wannan waifai ɗin ya kwafi wadda aka rubuta a can.

Bayan duk wannan, kada ka sa ran wasan zai yi kamar na gida. Duba layin NAT Type a gwajin, wanda ke nuna sauƙin da wasu 'yan wasa za su samu wajen haɗuwa da na'urarka. A otal sau da yawa Type 3 za ka gani, wanda Xbox ke kira Strict, domin baƙi duka bayan adireshi ɗaya suke, ba ka kuma da ikon buɗe ƙofofin da wasa ke buƙata a rauta ɗin da ba naka ba. Laftof ko rautan tafiya ba sa gyara wannan, wani hawa ma suke ƙarawa. Sauke wasa, sabuntawa da tabbatar da lasisi duk za su yi. Wasannin da kowa ke haɗuwa a sabar kamfani ma yawanci suna tafiya. Inda za ka ji a jikinka shi ne wasan mutum da mutum kai tsaye da hirar murya: neman abokin karawa ya daɗe, ko gayyatar aboki ta ƙi shiga. Da dare kuma, lokacin da kowa ya dawo ɗaki yana kallon bidiyo, jinkiri yana hawa da sauka, wannan kuwa ya fi ƙarancin sauri ɓata wasan ƙwallo ko na harbi.

Don haka ka raba aikin biyu. Manyan saukewa, waɗanda sabuntawa ɗaya kan cinye gigabait masu yawa, ka bar wa waifai na otal cikin dare ko da sassafe. Wasan kai tsaye ba ya cin data sosai, sai ka gwada shi a kan datar wayarka in 4G ko 5G na da ƙarfi a ɗakin, ka kwatanta wanda ya fi tsayuwa. NAT ɗin layin waya ma yakan zo a matse, don haka ka sake gwajin a kansa. Kafin ka haɗa PS5 da datar waya, shiga Settings > Saved Data and Game/App Settings > Automatic Updates ka kashe Auto-Download, ka kuma duba Downloads/Copies ko akwai abin da ke jiran sauka, ka dakatar da shi.